Bin sawun gyaran famfunan karkara: littafin ci gaban aikin rajista a Damagaram

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Ofishinmu da ke Damagaram yana kula da gyaran famfunan burtsatse na tuƙa-tuƙa a wasu ƙauyuka na gefen Mirriya, Takeita da Matamaye, kuma daga yau an ɗora mini nauyin sake tsara yadda muke rubuta ayyukan da aka kammala. Abin da darakta ya nema a taƙaice yake: yana so ya zauna bayan wata uku ko bayan shekara, ya zaro kowane aiki daga rajista, ya gane wanda ya yi shi, da ranar da aka yi, da kayan da suka tafi, da wanda ya shaida cewa ruwa ya dawo, ba tare da ya kira mai gyaran ya tambaye shi ba.

Na duba abin da muke da shi a hannu. Akwai kaye guda a biro, wanda magatakarda yake rubuta sunan ƙauye da ranar da aka kawo ƙara, idan kuma mai gyara ya dawo sai ya ƙara kalma biyu a gaba: "an gama". Mai kula da mangaza yana da nasa kaye na kayan da suka fita, amma da sunan wanda ya karɓa yake rubutawa, ba da sunan famfon da kayan za su tafi ba. Kwamitocin ruwa na ƙauyuka kuma kowanne yana riƙe da littafinsa, inda ake rubuta kuɗin da aka tara da zuwan masu gyara. Sauran bayanin duk yana cikin saƙonnin murya a wayoyin mutane, waɗanda sukan ɓace ranar da waya ta cika ko ta faɗa ruwa.

Rubutu dai akwai shi, har ya yi yawa. Matsalar ita ce waɗannan littattafai uku ba su da wata lamba ɗaya da ke haɗa su, don haka idan mangaza ta ce tiyo uku sun fita ranar Alhamis, babu hanyar sanin wace rijiya suka shiga sai da tunanin wanda ya ɗauka. Ga kuma kalmar "an gama", wadda ba ta faɗin komai da za a iya gwadawa: ba ta ce an sauya roba ko an ɗaure noti ba, ba ta ce ruwan da ke fita ya kai yadda ya kamata ba. A kayen biro na tarar da layuka da aka shafe da farin ruwan gogewa aka sake rubutu a kai, kuma ko da gyaran na gaskiya ne, babu mai iya sanin abin da ke ƙarƙashi.

Litinin, 21 ga Oktoba 2024

Mun yi zama da shugaban masu gyara, da mai mangaza, da akanta, muka tsayar da ƙa'idoji uku da za a gina komai a kansu.

Ta farko ita ce lambar aiki. Da zarar ƙara ta iso, ta waya ko da bakin ɗan aike, magatakarda zai ba ta lamba mai ɗauke da shekara da jeri, kamar 2024-0101, kuma wannan lamba ce za ta hau takardar aiki, da takardar fitar da kaya daga mangaza, da rasidin man babur, da layin da sakataren kwamitin ƙauye zai rubuta a littafinsu. Ba a tsallake lamba, ba a kuma sake amfani da ita. Idan aka buɗe aiki daga baya aka ga kuskure ne, wataƙila mutum biyu sun kawo ƙarar famfo ɗaya, lambar tana nan a jeri da bayanin cewa an soke ta da kuma dalilin sokewa. Amfanin wannan shi ne mai duba rajista yana iya gane an cire wani abu ta hanyar giɓi kawai, ko da bai san abin da aka cire ba.

Ta biyu ita ce ma'anar kammalawa. Yawancin famfunanmu ƙirar India Mark II ne, kuma irin wannan famfo idan yana da lafiya, bugu 40 cikakku cikin minti ɗaya yakan fitar da kusan lita 15. Saboda haka mai gyara ba zai rubuta cewa ya gama ba sai ya auna ruwan bugu 40 a bokiti mai alama, ya rubuta adadin litar. Mun sa wa kanmu iyaka cewa abin da ya gaza lita 12 ba a rufe shi. Gwaji na biyu na yoyo ne: a bar famfo ya huta rabin awa, sannan a ƙirga bugu nawa ake yi kafin ruwa ya fito. Idan ya wuce biyar, ruwa yana zurarewa ƙasa ta wani tiyo da ya huje ko ta bawul ɗin ƙasan silinda, wato bututun da ke can ƙasan rijiya mai ɗago ruwa. Waɗannan lambobi biyu su ne za su maye gurbin "an gama", domin mai dubawa yana iya zuwa bayan kwanaki ya maimaita su da hannunsa.

Ta uku, wadda ta fi jawo muhawara, ita ce hana gogewa. Akanta ya kawo mana abin da dokar lissafin kuɗi ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta wasu ƙasashen Afirka wadda Nijar take cikinta, ta tanadar wa littattafan kuɗi: sashe na 20 ya ce a riƙe su ba giɓi ba shafewa, kuma kuskure ana gyara shi ne ta hanyar rubuta shi da alamar ragi sannan a shigar da daidai, sashe na 24 kuma ya ce a adana littattafai da takardun shaida shekara 10. Rajistar gyara ba littafin kuɗi ba ce, amma takardun fitar da kayanmu suna cikin shaidun da akanta yake jingina da su, don haka muka ga ya fi sauƙi mu bi salo ɗaya a ko'ina. A kan takarda, kuskure ana ja masa layi ɗaya siriri yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a gefe, da kwanan wata da sa hannu. An kwashe farin ruwan gogewa daga teburin magatakarda.

Mun kuma raba hannu: wanda ya yi gyara shi ne zai rubuta abin da ya yi, amma ba shi zai rufe aikin ba. Rufewa ta shugaban masu gyara ce, bayan ya ga shaidar kwamitin ƙauye.

Talata, 29 ga Oktoba 2024

Takardar aiki ta shiga waya. Na gina ta a KoboToolbox, dandalin tsara fom na tattara bayanai, masu gyara kuma suna cike ta da abokin aikinsa na waya, KoboCollect, wanda yake aiki ko babu rezo, ya ajiye har sai an shigo inda ake samu. Filayen kaɗan ne: lambar aiki, ranar gyara, lambar famfo, abin da aka tarar, abin da aka yi, kayan da aka sa da yawansu, litar bugu 40, bugun gwajin yoyo, hoton kan famfo da ruwa yana zuba, da hoton shafin littafin kwamiti inda sakatare ya sa hannu ko ya dangwala.

Abin da ya fi muhimmanci a fom ɗin ba mai gyara ne yake cike shi ba. Akwai layi guda da ake sakawa cikin ginin fom, wanda yake sa wayar ta riƙe tarihin cikewar da kanta:

```
type    name    parameters
audit   audit   track-changes=true identify-user=true
```

Da wannan layi, kowace takarda da aka turo tana zuwa da ɗan fayil mai suna `audit.csv`, wanda yake nuna lokacin da aka buɗe fom, da lokacin da aka shiga kowace tambaya, da amsar da ke nan a da, da wadda aka sa a madadinta. Kashi na biyu na layin yana sa a tambayi sunan mai cikewa duk lokacin da aka buɗe fom. Wannan ya zame mana dole domin wayoyin ofis ba su kai yawan masu gyara ba, kuma waya ɗaya tana iya kwana a hannun mutum ɗaya ta wayi gari a hannun wani. Na faɗa wa masu gyara a fili cewa wayar tana riƙe wannan tarihi, na kuma nuna musu misalinsa a allon kwamfuta, don kada wani ya ji daga baya cewa an ɗana masa tarko.

Izinin gyara bayanan da aka riga aka turo na bar shi a asusun mutum ɗaya kawai. Asusun masu gyara turawa kaɗai yake iya yi, na darakta kuma dubawa kaɗai.

Alhamis, 14 ga Nuwamba 2024

Takardu suna shigowa. Waya ɗaya ta riƙa turo ayyuka da kwanan wata na shekarun baya, domin batirinta ya mutu ƙurmus agogonta ya koma farko. An kunna mata saitin karɓar lokaci daga rezo, kuma yanzu ana duba agogon kowace waya da safe kafin a fita. Takardun da ta riga ta turo ba a taɓa su ba, an dai rubuta bayanin a rajistar gyare-gyare tare da lambobinsu.

Alhamis, 28 ga Nuwamba 2024

Yau aka yi gwajin farko na gaske. Na roƙi akanta, wanda bai san komai game da famfo ba kuma bai je ko'ina ba, ya zaɓi aiki ɗaya ya sake gina labarinsa daga takardu kawai. Ya zaro lamba 2024-0137, famfon wani ƙauye a hanyar Mirriya, kuma zan rubuta yadda abin ya gudana dalla-dalla, domin ya nuna mana abin da tsarin yake iyawa da inda yake da rami.

Rajistar biro ta ce ƙara ta iso ranar Litinin 4 ga Nuwamba: famfo yana da nauyin bugu amma ruwa kaɗan yake fitowa. Takardar waya ta ce an yi gyara ranar Laraba 6 ga wata, an sauya robobin silinda da tiyo biyu, ruwan bugu 40 lita 14, gwajin yoyo bugu uku. Shugaban masu gyara ya rufe aikin. Wanda ya tsaya a nan zai ce famfon ya yi kwana biyu a lalace, kuma komai ya tafi daidai.

Da akanta ya ɗauko takardar mangaza mai lamba ɗaya, sai ya ga abu biyu da ba su zauna ba. Robobi sun fita ranar 6 da safe, wannan ya dace. Tiyo kuwa ranar Alhamis 7 ga wata suka fita, wato kwana ɗaya bayan ranar da aka ce an sa su a rijiya, kuma guda uku ne suka fita, ba biyu ba. Hoton littafin kwamiti shi ma ya kawo nasa bayanin, domin sakataren ya rubuta zuwan mai gyara sau biyu, ranar Laraba da ranar Juma'a, kuma a gaban Juma'a ne ya rubuta cewa ruwa ya dawo.

A nan muka buɗe `audit.csv`. Lokutan da ke cikinsa dogayen lambobi ne, ƙidayar kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa tun daga farkon shekarar 1970 a agogon duniya na UTC, don haka sai an juya su kafin a karanta. Idan lambar tana gidan C2, wannan lissafi a Excel yana mayar da ita kwanan wata da awa na Nijar, wadda take gaban UTC da awa ɗaya, sai dai a sa wa gidan tsarin kwanan wata:

```
=C2/86400000+25569+1/24
```

An fara fom ɗin a `1730884800000`, wato Laraba 6 ga Nuwamba da ƙarfe 10:20 na safe. A ranar an cike lambar aiki, da ranar gyara, da robobi, sannan aka ajiye aka fita. An sake buɗe shi ranar Juma'a, kuma tambayar yawan tiyo an shiga ta ne a `1731080400000`, wato 8 ga wata da ƙarfe 4:40 na yamma, inda amsar da babu komai ta koma biyu. Litar ruwa da hotuna duk a wannan yammacin aka sa su. Takardar ta isa rumbun bayanai ranar Asabar da safe, bayan mai gyaran ya shigo gari.

Da waɗannan akanta ya faɗi labarin tun kafin a kira kowa: mutumin ya je Laraba, ya fito da sanduna da tiyo, ya sauya robobi, ya tarar wasu tiyo sun huje, ya dawo Damagaram ya karɓi sababbi ranar Alhamis, ya koma bayan sallar Juma'a ya ƙarasa. Ranar gyara da ke kan fom ita ce ta zuwan farko, kuma bai koma ya sauya ta ba. Famfon ya yi kwana huɗu a lalace, ba biyu ba.

Sai sannan aka kira mai gyaran, dattijo ne da ya daɗe a aikin. Shugabansu ya ce masa, "Malam, tiyo uku ka karɓa, biyu muka gani a takarda." Ya amsa da cewa, "Ranka ya daɗe, na ukun zarensa ya ci, ya ƙi ɗauruwa da soket, yana nan jingine a ɗakin mai gari. Fom ɗin ya tambaye ni abin da na sa, bai tambaye ni abin da ya rage ba." Gaskiyarsa ce. An aika yaro da babur ya ɗauko tiyon, dogon ƙarfe mai mita uku, kuma zaren bakinsa a murɗe yake kamar yadda ya faɗa.

Babu wanda ya yi ƙarya a wannan aiki, amma da darakta ya karanta fom ɗin shi kaɗai da ya ɗauki adadi biyu marasa daidai: kwanakin da famfon ya yi a lalace, da yawan kayan da suka rage a hannunmu. Abin da ya fito da su shi ne kasancewar mangaza da kwamitin ƙauye kowanne ya rubuta nasa ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba.

Talata, 10 ga Disamba 2024

An yi sauye-sauye uku sakamakon aikin 2024-0137. Yanzu kowane zuwa yana da takardarsa a ƙarƙashin lambar aiki ɗaya, kuma a ƙarshen takardar mai gyara yana zaɓar ɗaya daga cikin biyu: ruwa ya dawo, ko kuwa an je ba a gama ba, tare da dalili. An cire filin da ake rubuta ranar gyara da hannu, ana ɗaukar ranar daga wayar kanta. Mangaza kuma ta samu takardar mayar da kaya, kuma ba a rufe aiki sai abin da ya fita ya yi daidai da abin da aka sa haɗe da abin da aka mayar. Tsofaffin kayan da aka cire, musamman silinda da tiyo, su ma ana dawo da su a rubuta, domin tsohon tiyo mai huji shi ne shaida mafi sauƙi cewa an sa sabo.

Takardar 0137 kanta ba a sauya mata ko harafi ba. An buɗe layi a rajistar gyare-gyare mai ɗauke da lambar aikin, da abin da aka rubuta, da abin da ya tabbata, da shaidar da aka dogara da ita, da sa hannun shugaban masu gyara. Rahoton wata yana ɗaukar adadin da aka gyara, amma wanda ya so ganin na asali zai same shi.

Masu gyara sun kawo ƙorafi, kuma a ganina yana da tushe. Sun ce tunda wayar tana ƙirga mintocin da aka yi a kan kowace tambaya, wata rana za a ce wane yana da nawa. Darakta ya amince a rubuce cewa ba za a yi amfani da waɗannan mintoci wajen auna ƙwazon kowa ba, kuma ba za a buɗe `audit.csv` ba sai a aikin da aka zaɓa don dubawa ko wanda takardunsa suka saɓa. Dalilin da na ba shi na aiki ne: mutumin da yake tsoron agogo zai bar cike fom a bakin rijiya, ya zauna da dare ya cike duka a zama ɗaya, kuma daga ranar lokutan da ke cikin fayil ɗin ba za su ƙara nuna lokacin da aka yi aiki ba. Haka nan zaɓin "an je ba a gama ba" ba zai zama abin zargi ba, in ba haka ba kowa zai koma rubuta cewa ruwa ya dawo.

Alhamis, 9 ga Janairu 2025

Akwai rami ɗaya da ya rage tun farko, wato ni kaina da duk wanda yake riƙe da asusun da ke iya gyara bayanai. Mai wannan izini yana iya sauya adadi bayan wata biyu, kuma darakta ba zai gane ba idan fayil ɗin da aka miƙa masa kawai yake gani. Don toshe wannan muka fara rufe wata. A makon farko na kowane wata ana sauke duk takardun watan da ya wuce zuwa fayil ɗaya, sannan a fitar da hatiminsa na SHA-256 a kwamfutar biro:

```
certutil -hashfile rajista_2024-12.csv SHA256
```

Abin da yake fitowa jerin haruffa da lambobi 64 ne, kuma idan aka sauya ko ɗigo ɗaya a cikin fayil ɗin, jerin yana sauyawa gaba ɗaya. Ana buga shi a takarda, a manna a babbar rajista mai ɗinki da lambobin shafi, a rubuta a ƙarƙashinsa lambar aiki ta farko da ta ƙarshe a watan da yawan takardu, sannan akanta da darakta su sa hannu. Kwafi ɗaya na fayil ɗin yana zama a kwamfuta, ɗaya a ƙaramar ma'ajiya da ke cikin akwatin ƙarfen akanta, tare da jakar hotuna da fayilolin `audit.csv` na watan.

Gwajin farko ya nuna abin da ya kamata duk mai bin wannan hanya ya sani. Magatakarda ya buɗe fayil ɗin Disamba a Excel don ya duba, ya danna ajiyewa kafin ya rufe, kuma da aka sake fitar da hatimi bai dace da na rajista ba, alhali bai taɓa ko adadi ɗaya ba. Excel yakan sake rubuta kwanakin wata da salonsa, yakan kuma zubar da sifirin da ke gaban lamba. An dawo da na asali daga akwatin akanta, hatimi ya dace. Yanzu fayil ɗin da aka rufe ana sa masa alamar karantawa kaɗai, mai son aiki da shi kuma ya yi kwafi.

Hatimin yana tabbatar da abu ɗaya ne kawai: fayil ɗin yau shi ne fayil ɗin ranar da aka rufe wata. Bai ce abin da ke ciki gaskiya ne ba, kuma duk sauyin da aka yi kafin ranar rufewa ba ya kama shi, shi ya sa ba ma barin rufewa ta wuce makon farko.

Talata, 11 ga Fabrairu 2025

Darakta ya yi dubawarsa ta farko a kan ayyukan Nuwamba zuwa Janairu. Bai karanta duka ba, ba kuma a gina tsarin don ya karanta duka ba. Ya ɗauki duk aikin da aka sauya silinda, domin ita ce mafi tsada a cikin kayanmu, da duk famfon da aka sake kawo ƙararsa cikin kwana 30 bayan an rufe aikinsa, sannan ya ƙara ɗaya cikin kowane goma daga sauran, ta hanyar zaɓar lambar ƙarshe da kansa a safiyar ranar. Ya zaɓi bakwai, don haka duk aikin da lambarsa ta ƙare da bakwai ya shiga. A kowanne ya bi jeri ɗaya: hatimin wata, giɓin lambobi, takardar mangaza, hoton littafin kwamiti, sannan tarihin waya idan wani abu ya saɓa.

Abin da ya ja hankalinsa ba saɓani ba ne, daidaito ne da ya yi yawa. Takardun mai gyara ɗaya kusan duka lita 15 suke nunawa da bugu uku, a rijiyoyi masu zurfi daban-daban da silinda masu shekaru daban-daban, alhali na sauran suna yawo tsakanin 12 da 16. Tarihin wayar ya nuna cewa tsakanin tambayar kayan da aka sa da tambayar gwajin yoyo ba a fi minti biyu, a gwajin da yake buƙatar hutun rabin awa. Wannan bai isa hujja ba, domin mutum yana iya yin gwajin tukuna sannan ya ɗauki waya, kuma takardu sun kai iyakar abin da za su iya faɗa. Biyu daga cikin famfunan da aka sake kawo ƙararsu dai nasa ne.

An tsayar cewa shugaban masu gyara zai je famfuna huɗu daga cikin na mutumin a mako mai zuwa, da bokitin awo, ya maimaita gwajin biyu a gaban sakataren kwamiti, kuma sakamakon zai shiga a matsayin takardar dubawa ƙarƙashin lambar kowane aiki. Za a yi haka ga famfo ɗaya na kowane mai gyara, don a samu abin kwatantawa. A fom kuma zan ƙara filin hoton bokitin awo da ruwan a ciki, in raba gwajin yoyo gida biyu, lokacin da aka daina bugu da lokacin da aka sake farawa, kowanne da nasa lokacin daga waya. Sabon fom ɗin zai fara aiki ranar 1 ga Maris, don kada watan Fabrairu ya rabu tsakanin tsari biyu, kuma za a rubuta ranar sauyin da jerin filayen da aka ƙara a babbar rajista kafin a tura shi wayoyi.